Saƙon Rabon Riba: Nuna wa Mai Jari Inda Adadin Ya Fito

Yawancin haɗin gwiwar kasuwanci a ƙasar Hausa tsarinsu ɗaya ne: wani ya kawo kuɗi, wani ya juya su, a raba riba bisa kason da aka yi alkawari. Malaman fiƙihu suna kiran wannan ƙiradi, bankunan Musulunci kuma suna ce masa mudaraba. A lokacin saye ba a cika samun saɓani ba, haka ma lokacin ajiya. Inda zumunci yake tsinkewa shi ne ranar da mai jari ya ji ƙarar alat a wayarsa, ya duba, ya ga adadin da bai kai rabin abin da ya lissafa a ransa ba, sannan saƙon da ya biyo baya bai gaya masa komai ba. Sau da yawa mai juya kuɗin bai ci ko kwabo ba. Lissafinsa daidai ne, saƙonsa ne ya gaza.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, ba farashin wata shekara ba ne. Wani Alhaji, ma'aikaci mai ritaya, ya bai wa wani matashin ɗan kasuwar hatsi N6,000,000 da kaka, domin ya sayi wake a kasuwannin ƙauye, ya ajiye a sito a Dawanau, ya sayar idan kaya sun yi daraja. Sun yi magana a gaban shaidu cewa Alhaji yana da kashi 60 cikin 100 na ribar, matashin yana da kashi 40. Bayan wata biyar an sayar da kaya, sai matashin ya tura kuɗi, ya bi su da wannan saƙo:

"Salam Alhaji. Na turo N270,000, rabonka ne na waken nan. Kasuwa ce ta ɗan ba mu matsala, ga kuma kashe-kashe. Allah Ya ƙara rufa asiri."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin saƙon nan. Amma a duba abin da ke cikin kan Alhaji lokacin da yake karanta shi. Ya san an sayi buhu 100 a kan N55,000 kowanne. Ya kuma ji a bakin wani maƙwabcinsa mai zuwa Dawanau cewa wake ya kai N72,000. Tun ranar ya gama lissafinsa: N17,000 a kan kowane buhu, sau 100, N1,700,000 ke nan, kashi 60 ɗinsa kuma N1,020,000. Yanzu ga N270,000 a gabansa. Tsakanin abin da ya sa rai da abin da ya gani akwai giɓin N750,000, kuma abin da aka ba shi ya cike wannan giɓi kalmomi biyu ne, "matsala" da "kashe-kashe". Dattijo mai kunya ba zai kira ya ce ana cutarsa ba. Zai amsa da "madalla, Allah Ya yi albarka", ya karɓi uwar kuɗinsa, baɗi kuma ya nemi wani. Matashin zai rasa mai jari bai san dalili ba.

Saboda haka aikin farko kafin a rubuta komai shi ne mai juya kuɗi ya tambayi kansa: wane lissafi abokina ya riga ya yi a ransa? Kusan kullum amsar ɗaya ce, ya ɗebe farashin saye daga mafi tsadar farashin da ya ji, ya ninka da yawan kaya. Saƙo mai kyau yana tafiya da mutum daga wannan adadi na zuci zuwa adadin gaskiya, mataki bayan mataki, ta yadda zai iya ɗaukar biro ko kalkuletar wayarsa ya bi sawu ya iso inda aka iso.

Bari mu ga inda N750,000 ɗin nan suka shiga. Na farko, ba duk kayan aka sayar a kan N72,000 ba. Buhu 60 ne suka samu wannan farashi, suka ba da N4,320,000. Da kasuwa ta ɗan sauka, an sayar da buhu 36 a kan N70,000, suka ba da N2,520,000. Buhu 4 kuma ƙwari sun shige su saboda ledar ciki ta huje, aka karyar da su a kan N40,000, suka ba da N160,000. Jimillar ciniki N7,000,000, ba N7,200,000 da Alhaji ya ƙiyasta ba.

Na biyu, wake ba ya tashi daga ƙauye ya kwanta a sito da ƙafarsa. An sayi buhunan ajiya masu leda biyu a ciki, irin waɗanda ake kira PICS, waɗanda ke toshe iska su kashe ƙwari ba tare da magani ba, a kan N150,000. Kuɗin mota N140,000. 'Yan dako, lodi da saukewa, N60,000. Hayar sito N20,000 a wata, wata biyar, N100,000. La'adar dillalai N50,000. Duka N500,000. Idan aka haɗa da N5,500,000 na sayen waken, an kashe N6,000,000 cif, wato jarin gaba ɗaya. Riba ita ce abin da ya haura wannan, N1,000,000.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, su raba miliyan ɗayan, kuma a nan ne kuskure mafi haɗari yake. Cikin buhu 36 ɗin nan, 10 wani mai shago ne ya ɗauka bashi. Kuɗinsu N700,000, ya biya N400,000, saura N300,000. Ke nan abin da ya shigo hannu N6,700,000 ne. Idan aka ware uwar kuɗi, ribar da ke hannu N700,000 ce. Sauran N300,000 riba ce a takarda, tana aljihun wani. Mai juya kuɗin da ya raba ta tun ba ta zo ba, ko dai ya biya Alhaji daga aljihunsa, ko ya taɓa jarin ba tare da ya lura ba, kuma idan mai shagon ya gaza biya, sai an dawo ana neman a karɓe abin da aka riga aka bayar. Malamanmu na da sun san wannan sarai. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan tun ƙarnoni, an bayyana cewa ba a raba ribar ƙiradi sai jari ya koma tsabar kuɗi. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma tana da babi a kan lissafin ƙiradi, inda aka nuna cewa a fara cika wa mai jari uwar kuɗinsa, sannan a raba abin da ya rage, kuma mai juya kuɗi ba zai ɗebi kasonsa a bayan idon mai jari ba. Wannan hukunci na ƙarshe shi ne ma asalin abin da ya sa saƙon lissafi yake da nauyi a yau. Alhaji ba ya zaune a gabanka lokacin da kake rabo, to saƙon ne yake zaunar da shi.

Kashi 60 na N700,000 shi ne N420,000. Kashi 40 kuma N280,000. Saura abu ɗaya: gab da azumi Alhaji ya kira ya ce a turo masa N150,000 "daga cikin rabona", aka tura. Wata biyu sun wuce, ya manta, ko kuma ya tuna amma bai sa shi cikin lissafinsa na zuci ba. A cire wannan daga N420,000, sai a samu N270,000. Adadin da aka tura masa ke nan tun farko.

Wurin da ake cire kuɗin da aka karɓa tun gaba yana da muhimmanci, kuma ana yawan kuskure a kansa. Daga kason wanda ya karɓa ake cirewa, bayan an raba. Idan aka jefa shi cikin kashe-kashe aka cire shi kafin rabo, N700,000 za ta koma N550,000, Alhaji ya samu N330,000, matashin ya samu N220,000. Matashin ya yi asarar N60,000 ke nan da hannunsa, domin ya ɗauki kashi 40 na kuɗin da Alhaji ya ci shi kaɗai. Da matashin ne ya ɗebi kuɗi tun gaba aka yi irin wannan lissafi, Alhaji ne zai cutu. Saƙon da ya jera matakai a bayyane yana tona irin wannan kuskure tun kafin a tura shi.

To ga saƙon bayan an gyara shi:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Alhaji, barka da war haka, ya iyali? Ga lissafin waken da muka ajiye a Dawanau, daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Rabonka da zan turo yanzu N270,000 ne. Uwar kuɗinka N6,000,000 tana nan cif a hannuna. Akwai kuma N180,000 naka da za su biyo baya idan an biya wani bashi. Ga yadda lissafin ya kasance.

Ciniki: buhu 60 a kan N72,000, N4,320,000. Buhu 36 a kan N70,000, N2,520,000. Buhu 4 da ƙwari suka taɓa, a kan N40,000, N160,000. Jimilla N7,000,000.

Abin da aka kashe: sayen buhu 100 a kan N55,000, N5,500,000. Buhunan ajiya N150,000. Mota N140,000. Dako N60,000. Sito wata biyar N100,000. La'ada N50,000. Jimilla N6,000,000.

Riba duka N1,000,000. Cikinta N300,000 tana wurin mai shagon nan da na gaya maka a waya ka ce a ba shi, ya yi alkawarin ƙarshen Mayu. Ribar da ke hannu N700,000.

Kasonka na kashi 60, N420,000. A cire N150,000 da na turo maka kafin azumi, saura N270,000. Nawa na kashi 40, N280,000, ban taɓa ba sai ka duba.

Ban cire zakka ba. Hotunan shafin littafi da rasit ɗin sito suna biye. Idan akwai inda bai yi maka daidai ba, ka kira ni ko in zo gida mu duba tare. Sannan ina jiran umarninka a kan uwar kuɗin, in turo ko in riƙe. Allah Ya ƙara girma."

Ya fi na farko tsawo nesa ba kusa ba, amma ana karanta shi cikin minti biyu, kuma kowane sashe yana da aikin da yake yi.

A lura da abin da ya zo nan da nan bayan gaisuwa. Adadi uku ne: abin da zai karɓa yanzu, halin da jarinsa yake ciki, da abin da ya rage masa. Wasu suna ganin ya fi kyau a fara da jerin kashe-kashe domin a "shirya" mutum kafin ya ga ƙaramin adadi. Ni ina ganin wannan yana jawo akasin abin da ake so. Wanda aka fara jero wa kuɗin mota da na dako bai san inda za a kai shi ba, yana karantawa ne gabansa na faɗuwa, kuma kowane layi yana yi masa kama da uzuri. Idan kuwa ya ga adadin tun farko, ya kuma ji cewa miliyan shidansa suna nan lafiya, hankalinsa ya kwanta, sauran saƙon sai ya zama bayani. Maganar uwar kuɗi musamman bai kamata ta jira ba. Mai jari zai iya haƙura da ƙaramar riba, abin da ke hana shi barci shi ne jarin.

Sai kuma yadda aka rubuta ciniki. Kowane layi yana da yawan buhu, da farashi, da abin da suka bayar. Buhunan kuma idan aka haɗa su, 60 da 36 da 4, suna komawa 100 da aka saya. Wannan shi ne abu na farko da gogaggen mai jari yake dubawa, ko kayan sun cika. Da an rubuta "ciniki duka N7,000,000" kawai, babu yadda Alhaji zai gane dalilin da ya sa bai kai abin da ya ƙiyasta ba. Haka nan kalmar "da sauransu" ba ta da wuri a jerin kashe-kashe. Idan ƙananan abubuwa sun yi yawa, kamar igiya da allura da kuɗin mai gadi, a haɗa su a layi ɗaya a ambaci sunayensu, a sa jimillarsu. Layin da ba shi da suna, ko na N10,000 ne, ya isa ya sa a yi shakkar sauran layukan duka.

Akwai abin da ba ya cikin jerin, kuma da gangan ne: ladan wahalar matashin. A tsarin ƙiradi kasonsa na riba shi ne ladansa, ba ya yanka wa kansa albashi daga jari. Abin da fiƙihun Malikiyya ya ba shi dama shi ne abincinsa da makamantansa idan ya yi tafiya saboda kayan, gwargwadon al'ada, idan jarin mai kauri ne. Wanda ya yi irin wannan tafiya ya sa kuɗin a layinsa daban da sunansa, kada ya cusa shi cikin kuɗin mota. Ranar da Alhaji ya tambayi wani direba nawa ake ɗaukar buhu daga wannan kasuwa zuwa Kano, ya ji adadin da ya gaza abin da aka rubuta masa, ba zai yi tunanin kuɗin abinci ba.

Buhu 4 ɗin da suka lalace an faɗe su ƙarara, da dalilinsu. Jarabar da ke zuwa wa mai rubutu ita ce ya narkar da su cikin matsakaicin farashi, ya ce an sayar da buhu 100 a kan N70,000 kowanne. Abin mamaki, lissafin zai fito daidai, N7,000,000. Amma magana ce da ba ta faru ba, kuma Alhaji ya riga ya ji labarin N72,000. Zai ɗauka an sayar a kan 72 an rubuta masa 70. Gaskiyar da aka ɓoye don gudun jin kunya sai ta haifi zargin da ya fi ta muni. Ban da haka, asarar da ta faru ba tare da sakaci ba, a kan dukiyar take faɗawa, ba a kan mai juya ta ba, don haka babu abin ɓoyewa.

Layin bashi yana ɗauke da 'yan kalmomi masu nauyi: "da na gaya maka a waya ka ce a ba shi". A mazhabar Malikiyya mai juya kuɗin ƙiradi ba ya sayar da kaya bashi sai da izinin mai jari, idan ya yi gaban kansa kuma kuɗin suka salwanta, shi zai biya. Tunatar da izinin a rubuce yana kare kowa. Idan kuwa ba a nemi izini ba, to a faɗi hakan a saƙon, a kuma ce an ɗauki nauyin bashin. Ranar da aka yi alkawarin biya ma dole ta fito, tare da kason kowa a ciki, N180,000 na Alhaji da N120,000 na matashin, domin kada bashin ya zama abin da aka ambata sau ɗaya aka manta.

Kafin a danna tura saƙo, akwai gwaji ɗaya da ba ya ɗaukar minti biyar, kuma shi ne ke nuna ko lissafi ya tsaya da ƙafarsa. A duba kuɗin da ke hannu da gaske, na asusun banki da na aljihu, a gwada su da abin da takarda ta ce. An karɓi N6,700,000, an riga an tura wa Alhaji N150,000, ya kamata a samu N6,550,000. Ta ɗaya ɓangaren, jari N6,000,000, da N270,000 na Alhaji, da N280,000 na matashin, su ma N6,550,000. Idan biyun suka haɗu, lissafi ya yi. Idan kuɗin hannu sun gaza, to akwai abin da aka kashe ba a rubuta ba, ko kuma kuɗin haɗin gwiwa sun cakuɗe da na cefanen gida, abin da ke yawan faruwa ga wanda ke amfani da asusu ɗaya don komai. Idan sun haura, wataƙila akwai ɗan dako ko dillalin da ba a sallama ba tukuna, ko an rubuta wani kashe-kashe sau biyu. Ko wanne ne, a nemo shi kafin a aika, domin gyara adadi bayan an tura ya fi wahalar bayani fiye da jinkirin kwana ɗaya.

Tsarin aikawa ma yana da tasiri. Saƙo ya riga kuɗi, ba kuɗi su riga saƙo ba. Idan alat ya fara isa, Alhaji zai yi awa ɗaya ko biyu yana saƙa da warwara, bayanin da ya zo daga baya kuma zai same shi ya riga ya yanke hukunci. Idan lissafi ya fara isa ya duba ya ce "na gani, turo", rabon ya zama da yardarsa. Wannan ne ma ya sa saƙon ya ce matashin bai taɓa nasa kason ba. Idan za a mayar da jari, a tura shi daban da riba, kowanne da bayaninsa a wurin rubuta dalilin turawa, domin bayan shekara guda wanda ya ga N6,270,000 a dunƙule a takardar banki ba zai tuna nawa ne uwa nawa ne riba ba.

Da yawa daga cikin dattawanmu sun fi son saƙon murya, wasu ma karatun boko yana yi musu nauyi. Babu laifi a yi musu na murya, cikin ladabi, a bi lissafin a hankali. Sai dai murya ta zama rakiya ga rubutu, kada ta maye gurbinsa. Ba a iya ɗora yatsa a kan layi a cikin murya, "saba'in" da "saba'in da biyu" suna iya shigewa juna a kunne, kuma idan ta Allah ta kasance ga ɗayansu, magada rubutu za su nema. Wanda ya fi sabawa da ajami, a rubuta masa a takarda da hannu a ɗauki hoto a tura.

Idan ƙarshen Mayu ya zo mai shagon ya kawo N200,000 kawai, saƙo na biyu gajere ne, amma a kan tsarin na farko yake tafiya. A ambaci bashin N300,000 da aka bari a lissafin Afrilu, a ce an karɓi N200,000, kashi 60 na Alhaji N120,000, na matashin N80,000, saura N100,000 a wurin mai shago, cikinsu N60,000 na Alhaji ne, a kuma faɗi sabuwar ranar da ya sa.